Yadda ake matse rahoton shekara na kamfani ya koma shafi ɗaya

Idan ka sayi hannun jarin kamfani, komai ƙanƙantarsa, sau ɗaya a shekara za a fitar maka da rahoton da ya kai shafi ɗari biyu ko ɗari uku. Yawancin ƙananan masu zuba jari abin da suke yi shi ne su buɗe shafukan farko, su ga hoton shugaban hukumar daraktoci yana murmushi, su karanta cewa ciniki ya ƙaru kuma riba ta ƙaru, su duba nawa za a raba musu, su rufe. Ni ma haka na yi shekarun baya, kuma na ji a jikina. Na riƙe hannun jarin wani kamfani shekara biyu ina murnar ribar da ake shelantawa, alhali a shafukan baya an rubuta ƙarara cewa kuɗin ba ya shigowa. Tun daga nan na ɗora wa kaina ƙa'ida: ba zan ajiye rahoto ba sai na mayar da shi takarda ɗaya da hannuna, mai ɗauke da alƙaluma kaɗan, da haɗura uku, da jimla biyu a kan inda kamfanin ya dosa.

Aikin yana cin awa biyu zuwa uku. Abin da kake buƙata shi ne rahoton bana da na bara, da farar takarda, da biro, da kalkuleta. Ka sauko da cikakken rahoton daga shafin kamfanin ko na kasuwar hannun jarin da aka yi masa rajista, kada ka tsaya ga taƙaitacciyar sanarwar da ake raba wa 'yan jarida. Wannan hanya ta dace da kamfanin da ke ƙera kaya ko sayar da su ko yin wata hidima. Banki da kamfanin inshora lissafinsu daban ne, saboda haka kada ka auna su da wannan ma'auni.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, za mu bi wani kamfani na misali, wanda na tsara alƙalumansa don koyarwa kawai. Yana ƙera kwalaye da robobin zuba kaya yana sayar wa wasu masana'antu. Duk lambobin kuɗin da zan kawo, ban da farashin hannun jari da ribar kowane hannu, miliyoyi ne na kuɗin da kamfanin ke lissafi da shi.

Mataki na farko: fara da rahoton masu binciken kuɗi

Tsallake hotuna da jawabai, ka nufi tsakiyar littafin, wurin da oditoci na waje suka sa hannu. A rahoton Ingilishi sunan wurin `Independent Auditor's Report`, kuma bai cika wuce shafi huɗu ko biyar ba. Dalilin farawa da shi shi ne, idan waɗanda suka bincika littattafan suna da ja a kan alƙaluman, duk lissafin da za ka yi daga baya gini ne a kan yashi.

Abu uku kake nema. Na farko, hukuncinsu. Idan kan sakin layin ya ce `Opinion` kawai, kuma suka ce bayanan sun nuna gaskiyar halin kamfanin, to babu ja. Idan ka ga `Qualified Opinion`, akwai wani ɓangare da ba su yarda da shi ba, ko ba a ba su hujjarsa ba, kuma za su faɗi wane ne. Idan ka ga `Adverse Opinion` ko `Disclaimer of Opinion`, ma'ana sun ce lissafin bai inganta ba ko kuma sun kasa yanke hukunci sam, to ni a nan nake ajiye biro. Ƙaramin mai jari ba shi da abin da zai gano wanda oditocin suka kasa ganowa.

Na biyu, danna `Ctrl+F` ka nemi `going concern`. Kusan kowane rahoto yana ɗauke da waɗannan kalmomi, don haka ganinsu kaɗai ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne su zo tare da `material uncertainty`, wato akwai shakka mai ƙarfi a kan ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki har shekara mai zuwa.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi wucewa, kuma shi na fi so: `Key Audit Matters`, wato batutuwan da suka fi cin hankalin oditocin a wannan shekara. Tamkar wanda ya riga ka shiga gida ne yake nuna maka inda rufin ke yoyo. A kamfaninmu na misali hukuncin babu ja, amma batun da suka fito da shi shi ne basussukan da kamfanin ke bin abokan cinikinsa, da ko za a iya karɓo su duka. Rubuta wannan a gefen takardarka. Za mu sake cin karo da shi.

Kada kuma ka ɗauki sa hannun oditoci a matsayin rantsuwa. Kamfanin Wirecard na Jamus ya yi shekaru yana samun sa hannu ba tare da ja ba, kafin a 2020 ta bayyana cewa Yuro biliyan 1.9 da ya ce yana da su a asusu babu su. Sa hannu yana rage shakka ne, ba ya kawar da ita.

Mataki na biyu: ciniki da riba, da tambayar ina ribar ta fito

Yanzu buɗe bayanin riba da asara. Ja layi biyu a takardarka, ɗaya na bana, ɗaya na bara. Ka tabbata kana ɗauka daga rukunin da aka rubuta wa `Group` ko `Consolidated`, wanda ya haɗa uwar kamfani da rassanta, domin wasu rahotannin suna jera shi kafaɗa da kafaɗa da na uwar kamfanin ita kaɗai. Ka kuma duba saman jadawalin ka ga ko lambobin dubbai ne ko miliyoyi. Kuskure ne mai sauƙi, amma yana ɓata komai.

Layi huɗu za ka kwafa: jimillar ciniki, ribar aiki, kuɗin ruwan da aka biya, da ribar ƙarshe bayan haraji. A misalinmu ciniki ya tashi daga 1,000 zuwa 1,200. Ribar ƙarshe ta tashi daga 80 zuwa 100. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari a ciniki, ƙarin kashi 25 a riba. Waɗannan su ne lambobin da za a buga da manyan haruffa a shafi na biyu, kuma gaskiya ne, ba ƙarya aka yi ba.

Sai dai ka dubi abin da ke tsakaninsu. Ribar aiki, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin kayan sarrafawa da albashi da wuta da sufuri da sauran hidimomin yau da kullum, ta tashi ne daga 140 zuwa 150 kacal. Raba ta da ciniki: bara a kowane ɗari na ciniki ana samun 14, bana 12.5. Kamfanin yana sayar da kaya da yawa, amma abin da yake samu a kan kowane ɗaya yana raguwa. Kuɗin ruwa kuwa ya yi tsalle daga 35 zuwa 60. To idan ribar aiki ta ƙaru da 10 amma kuɗin ruwa ya ƙaru da 25, ta yaya ribar ƙarshe ta hau?

Amsar tana wani ɗan layi da aka kira sauran kuɗaɗen shiga, mai ɗauke da 40, da wata ƙaramar lamba a gefensa da ke nuna maka bayanin ƙarin haske. Yawancin layuka a waɗannan jadawalai suna da irin wannan lamba, kuma ita ce jagorarka zuwa shafukan baya. Ka bi ta, sai ka tarar kamfanin ya sayar da wani fili ne ya ci ribar 40. Fili sau ɗaya ake sayar da shi. Cire wannan 40 ɗin: ribar da aka samu kafin haraji ta koma 90 maimakon 130, alhali ta bara 105 ce. Ashe sana'ar kanta ribarta raguwa ta yi da kusan kashi 14 cikin ɗari. A takardarka ka rubuta lambobin biyu, wadda aka shelanta da wadda ka tace, don ta biyun ita ce za ta iya maimaituwa baɗi.

Wani lokaci kamfani ne da kansa zai kawo maka nasa tataccen lissafin, ya sa masa suna irin `adjusted` ko `underlying`. Ka duba me ya cire. Idan asara kaɗai yake cirewa yana barin ribar bazata a ciki, ko kuma duk shekara akwai wani kashe kuɗi da ake kira na sau ɗaya, to ka koma ga lambar da oditoci suka sa wa hannu.

Mataki na uku: shin ribar ta zama kuɗi a hannu?

Nan ne zuciyar aikin, kuma idan lokacinka ya ƙure, gara ka bar sauran matakan ka yi wannan da kyau. A ƙa'idar lissafin kamfanoni, ana rubuta ciniki ne a ranar da aka miƙa kaya, ko an biya ko ba a biya ba. Saboda haka kamfani zai iya cin riba a takarda alhali asusunsa na banki yana bushewa. Bayanin shige da ficen tsabar kuɗi, wanda za ka gani da sunan `Statement of Cash Flows`, shi ne yake nuna abin da ya shigo da gaske.

Kashi uku ne: kuɗin da ya fito daga ayyukan yau da kullum, kuɗin da aka zuba ko aka samu a kadarori, da kuɗin da ya shafi rance da masu hannun jari. Daga kashi na farko ɗauki jimillar ƙarshe. A misalinmu bara 110 ce a kan ribar 80, wanda alama ce ta lafiya, domin akan cire tsufan injina daga riba alhali ba kuɗi ne ya fita ba. Bana kuwa 30 ce a kan ribar 100. Ka tsaya a nan ka tambayi kanka ina sauran suka maƙale.

Layukan da ke saman wannan jimilla za su gaya maka. Basussukan da kamfanin ke bin masu sayen kayansa sun tashi daga 200 zuwa 330. Wato daga cikin ƙarin cinikin 200 da ake alfahari da shi, 130 bashi ne da bai dawo ba tukuna. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da ke mayar da wannan zuwa kwanaki:

```
kwanakin bashi = basussukan da ake bi / ciniki x 365
bara: 200 / 1000 x 365 = 73
bana: 330 / 1200 x 365 = 100
```

Bara abokin ciniki yakan biya cikin kwana 73, bana sai ya kai ɗari. Ko dai kamfanin yana sassauta sharuɗɗa don ya jawo masu saye, ko kuma masu sayen sun fara gazawa. Domin ka san wanne ne, je ka bayanin ƙarin haske na waɗannan basussuka, inda ake rarraba su gwargwadon daɗewarsu. A misalinmu bashin da wa'adinsa ya wuce da fiye da kwana 90 ya tashi daga 20 zuwa 60. Ka tuna abin da oditoci suka nuna da yatsa a mataki na farko? Ga shi mun iso gare shi ta wata ƙofa. Duk lokacin da ɓangarori biyu na rahoto suka kai ka wuri ɗaya, wurin ya cancanci shiga takardarka.

Akwai kuma wani abu da ya ɗan rufa wa kamfanin asiri. Bashin da masu kawo masa kaya ke binsa ya ƙaru da 70. Wato shi ma jinkirta biyan nasa ya yi. Da ya biya su a kan kari kamar da, da kuɗin ayyukan ya faɗa ƙasa da sifili. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ke biyan bukatunsa da jan ƙafa wajen biyan wasu ba zai daɗe yana yi ba kafin su gaji.

Daga kashi na biyu ɗauki abin da aka kashe wajen sayen injina da gine-gine, ka cire shi daga kuɗin ayyuka. Abin da ya rage shi ne rarar da kamfani zai iya rabawa ko ya biya bashi da ita ba tare da ya nemi taimakon kowa ba.

```
rara = kuɗin ayyuka - kuɗin injina da gine-gine
bara: 110 - 60 = 50
bana: 30 - 140 = -110
```

Bara an samu rarar 50 aka raba wa masu hannun jari 40, lissafi ya tafi daidai. Bana giɓin 110 aka samu, amma aka raba 50. Daga ina? Sauran bayanin ya ba da amsa: a kashi na uku an ci sabon rancen 80, a kashi na biyu an karɓi 55 kuɗin sayar da filin nan, wanda 40 ne ribarsa, an kuma taɓa 25 daga ajiya. Ka haɗa su, 160 ne cif, daidai da giɓin 110 da rabon 50. Ma'ana rabon da ya shigo asusunka har ka yi murna, da kuɗin rance da kuɗin fili aka biya ka shi. Shekara ɗaya irin wannan ba laifi ba ce idan ana gina sabuwar masana'anta. Shekara uku a jere kuwa, ƙarshenta yanke rabon ne ko kuma neman ku ƙaro jari.

Wani abin lura: wasu kamfanoni suna sa kuɗin ruwan da suka biya a kashi na farko, wasu a kashi na uku. Idan naka a na uku ya sa, cire shi da kanka daga kuɗin ayyuka kafin ka yi wannan lissafi, in ba haka ba rarar za ta fi gaskiyarta kyau.

Mataki na huɗu: bashi da ranar biyansa

A bayanin kadarori da basussuka, rancen banki yana wuri biyu: wanda za a biya cikin wata goma sha biyu, da wanda ya wuce haka. Haɗa su, ka cire tsabar kuɗin da ke hannu. A misalinmu rance ya tashi daga 400 zuwa 480, tsabar kuɗi ta sauka daga 80 zuwa 55, saboda haka ainihin nauyin ya tashi daga 320 zuwa 425.

Girman bashi shi kaɗai ba ya faɗin komai. Tambaya biyu ce ke da amfani. Sau nawa ribar aiki za ta iya biyan kuɗin ruwa? Bara 140 a kan 35, sau huɗu. Bana 150 a kan 60, sau biyu da rabi. Sannan yaushe za a biya uwar kuɗin? Daga cikin 480 ɗin, 250 wa'adinsu zai cika cikin shekara guda, ga shi kuwa 55 ne a hannu. Dole ke nan sai bankuna sun yarda sun sabunta rancen. Nemi kalmar `covenant` ka ga ko an bayyana sharuɗɗan da bankin ya gindaya. A nan sharaɗin shi ne kada ribar aiki ta gaza ninki biyu na kuɗin ruwa. Idan kuɗin ruwa ya tsaya a 60, ribar aiki ta sauka ƙasa da 120, an karya sharaɗi, kuma banki na iya neman kuɗinsa tun kafin lokaci. Tazarar 30 ce kawai, rabin bashin nan da ya wuce wa'adi.

Kafin ka bar wannan shafi, duba adadin hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya, na bana da na bara. Idan adadin yana ƙaruwa alhali naka bai ƙaru ba, kasonka yana raguwa ko da riba na hawa. A misalinmu miliyan 500 ne duka shekarun biyu.

Mataki na biyar: tsamo haɗura uku

Kowane rahoto yana da sashen haɗura, kuma yawancinsa lauyoyi ne suka rubuta don kare kamfani daga ƙara. Za ka ga tattalin arziki na iya taɓarɓarewa, doka na iya canzawa, ana iya yi wa kwamfutoci kutse. Gaskiya ne duka, amma kowane kamfani a duniya zai iya rubuta su. Ma'aunina guda ɗaya ne: haɗarin da ba zan iya liƙa masa lamba daga cikin rahoton ba, ba ya shiga takardata.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce in ajiye sashen haɗura na bana kusa da na bara, in duba me aka ƙara, me aka ɗaga sama, me aka cire. Sabon sakin layi a wannan sashe ba ya zuwa haka kawai. Bayan haka sai in nemi wurare huɗu a shafukan baya. Akwai `related party`, wato ciniki tsakanin kamfani da daraktocinsa ko manyan masu hannun jarinsa ko kamfanoninsu. Akwai `contingent liabilities`, wato shari'u da taƙaddamar haraji da lamunin da aka tsaya wa wasu, waɗanda ba a sa su cikin bashi ba tukuna amma suna iya faɗowa. Akwai bayanin ɓangarorin kasuwanci, inda ƙa'idar lissafin kamfanoni ta duniya mai suna IFRS 8 ta wajabta a bayyana idan abokin ciniki guda ya kai kashi 10 cikin ɗari na ciniki. Sai kuma abubuwan da suka faru bayan rufe shekara, wanda galibi yana kusa da ƙarshe, gajere ne, amma shi ne labari mafi sabo a cikin littafin.

A kamfaninmu mun tarar abokin ciniki ɗaya ne ke sayen kashi 28 cikin ɗari na kayan. Mun kuma tarar filin nan wani kamfani ne mallakar ɗaya daga cikin daraktoci ya saye shi. Wannan ba hujja ba ce ta cewa an yi cuta, amma ya isa ka tambaya ko an sa mai kimanta kadara na waje, kuma me ya sa cinikin ya faɗo a shekarar da riba ke buƙatar tallafi. Haɗuranmu uku ke nan sun fito da kansu: basussukan da ba sa dawowa, rancen 250 da ke jiran sabuntawa, da dogaro ga mai saye guda. Maganar filin kuma ta tafi layin tambayoyi.

Mataki na shida: ina aka dosa?

Sai yanzu za ka koma shafukan farko ka karanta jawabin shugaban hukumar daraktoci da na manajan darakta, bayan ka riga ka san lambobin. Za ka ji karatun ya bambanta ƙwarai. Ka lura da abin da suka yi magana a kai da abin da suka yi shiru a kansa. Shugabancin da ya fito fili ya ce kuɗin ayyuka ya ragu saboda kaza, ga kuma abin da za mu yi, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya cika shafi huɗu bai ambaci tsabar kuɗi ba ko sau ɗaya. Ɗauko jawabin bara ma, ka ja layi a ƙarƙashin alkawuran da ke da lamba ko rana, ka duba ko an cika su, ko kuwa an manta da su kamar ba a taɓa yi ba.

Amma alƙiblar kamfani ta gaskiya tana inda kuɗinsa ya tafi. Koma ga bayanin ɓangarori. Kwalaye sun yi cinikin 900, bara 850, ribar aikinsu 140. Robobi sun yi cinikin 300, bara 150, amma ribarsu 10 ce a duka shekarun biyu. Kuma daga cikin 140 da aka kashe a injina, 100 ɓangaren robobi suka tafi. Labarin ya fito sarai: ana ɗibar kuɗin tsohuwar sana'a mai riba, ana haɗawa da rance, ana zubawa a sabuwar da cinikinta ya ninka amma take samun kusan 3 a kowane ɗari. Mai yiwuwa caca ce da za ta yi kyau idan sababbin injinan suka fara aiki sosai. Aikinka a yau shi ne ka rubuta abin da zai nuna maka ko ta yi kyau ɗin, tun kafin son rai ya shiga.

Mataki na bakwai: rubuta shafin

A saman takarda, jimla ɗaya a kan me kamfanin ke sayarwa kuma ga wa. Idan ka kasa rubuta ta da kalmominka, ba ka fahimci abin da ka saya ba. Ƙarƙashinta hukuncin oditoci da batun da suka nuna. Sai jerin alƙaluma na bana da na bara: ciniki, ribar aiki da kasonta, ribar da ka tace, kuɗin ayyuka, rara, ainihin bashi, ninkin kuɗin ruwa, da rabon riba. Sai haɗura uku, kowanne da lambarsa da shafin da ka samo shi, don baɗi ba za ka tuna ba.

Idan kana so ka haɗa wannan da farashin hannun jari, yi amfani da tatacciyar riba. A ce ana sayar da hannu ɗaya a 2.40. Ribar da aka shelanta, 100 a kan hannaye miliyan 500, tana ba kowane hannu 0.20, wato kana biyan ninki 12 na ribar shekara. Da ka cire filin ka cire harajinsa, riba ta koma wajen 69, kowane hannu kusan 0.14, sai ka ga ashe ninki 17 kake biya. Abin da ya yi kama da araha ya zama mai tsada, kuma farashin bai motsa ba.

Ga yadda sakin layin alƙibla zai kasance a takardata: kamfanin yana faɗaɗa ɓangaren robobi da kuɗin rance, yana sayarwa bashi don ya kama kasuwa, kuma rabon bana ba daga rarar aiki ya fito ba. Zan ƙara saye idan kwanakin bashi suka sauko ƙasa da 85, ribar robobi ta kai 6 a kowane ɗari, aka kuma sanar da sabunta rancen 250. Zan rage idan bashin da ya wuce wa'adi ya haura 60, ko ninkin kuɗin ruwa ya sauka ƙasa da 2.2. Sai in sa kwanan wata a ƙasa, in ajiye takardar tare da tambayar filin nan da zan aika kafin babban taron shekara, in kuma fito da ita ranar da sakamakon rabin shekara ya fito.